Ranar da Na Daka wa Surukina Tsawa a Kan Boris

Sana'ata gyaran moto ce, irin na lantarki, wanda ke juya injin niƙa da famfon ruwa da injin casar shinkafa. A Haɗeja na koye ta, a Haɗeja na yi furfura a kanta. Duk wanda ya taɓa kawo mini aiki zai gaya maka abu biyu: na iya, kuma bakina ba shi da linzami. Na zagi direbobi, na zagi 'yan kwangila, na taɓa korar wani mai babbar riga daga rumfata don ya taka mini waya da takalmi. Mutum ɗaya ne a duniya idan na hango shi harshena ke mutuwa a baki, shi ne surukina, mahaifin matata.

Bafulatani ne dogo, siriri, mai wuya kamar na zalɓe. Kakanninsa sun yi kiwo a fadamar Kirikasamma tun zamanin da ba a san boko ba, shi ma a nan ya tashi da sanda a kafaɗa. Sai duniya ta juya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, makiyaya ta koma gonakin shinkafa, ciwo ya shiga garken shekara biyu a jere. Da ya ga abin ba na tsayawa ba ne, sai ya kora ragowar shanun kasuwa gaba ɗaya, ya dawo gefen gari wajen bakin kogi, ya kafa rumfar kwano, ya sayi injin casa da wani tsohon moto babba mai launin toka. 'Yan uwansa suka yi ta dariya, wai ya musanya nagge da baƙin ƙarfe. Moton nan shi ne duk abin da ya rage na garken gidansu, da shi yake ci da iyali, kuma idan ya mutu babu ko ɗan maraƙi da za a sayar a sayi wani.

To ga ni, surukinsa, mai gyaran moto, a gari ɗaya. Kana tsammanin ya taɓa ce mini in leƙa? Ina! Matata ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya faɗa, balle nawa. Shekara goma sha ɗaya da aure, 'ya'ya huɗu, amma sunana a bakinsa "baƙon nan". Idan na je gaisuwa, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in zuba wa ƙasa ido. Shi kuma ya juya ya kalli bishiyar darbejiyar ƙofar gida, ya amsa mata. Na rantse bishiyar nan ta ji labarin lafiyar 'ya'yana fiye da kakansu.

A wata damina kogi ya yi ambaliya, ruwa ya kwana uku a rumfar injin. Da ya janye, surukina ya sa aka fito da moton, aka shanya a tabarma kwana da kwanaki kamar barkono. Allah ya taimake shi wayar ciki ta bushe ba ta ƙone ba. Amma ruwan ya riga ya shigar da taɓo cikin boris, wato zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da shaf, sandan ƙarfen tsakiyar moto, yake juyawa a cikinsa. Da aka kunna sai moton ya kama gurnani, gefen fanka ya yi zafin da ba a iya taɓawa, ran nan kuma ya cije. Ga kaka ta zo, mata na ta turara shinkafa suna kawowa.

Maimakon ya aiko mini, sai ya kira maƙerin unguwa. Ba ni da faɗa da maƙera, su ke yi mana fartanya da lauje, amma maƙeri abu biyu ya sani, guduma da wuta. Ya kwance murfin, ya cire fanka, ya zaro rota, wato gungumen ƙarfen tsakiya da shaf ya ratsa. Boris na gaba lafiyarsa ƙalau. Na baya ne ya mutu, shi kuwa ya kama shaf gam, don dama haka ake sa shi, da matsi. Maƙeri ya yini yana dukansa, ya hura masa wuta, ya sake duka. Da la'asar ya tattara kayansa ya ce wannan ba aikin ƙarfe ba ne, a nemi malamai.

Ni ban san komai ba sai da safe, ina karyawa, matata ta tsaya a kaina tana wasa da bakin zani.

Ta ce, "Inna ta aiko, wai injin gida ba ya jin daɗi."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Mako guda. An kira maƙeri."

Kunu ya sarƙe ni. Na ce, "Maƙeri? A kan moto? Me ya hana a kira wanzami ya yi masa ƙaho gaba ɗaya? Baffan ne ya ce in zo?"

Ta ce, "Wane Baffa? Cewa ya yi kada a kuskura a gaya maka." Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "Inna ta ce kwana biyu bai taɓa tuwo ba."

To ka ji irin aiken. In je, amma kada in zama na je. Idan na isa da akwatin kayan aiki, na nuna wa unguwa cewa tsoho ya gaza har ya nemi surukinsa, wannan kuwa gara masa injin ya ruɓe. Dole in zama mai wucewa da ya ratse gaisuwa. Na naɗe fulata a buhu na ɗaure a bayan babur, na sa sifana da sukundireba a aljihu. Galan ɗin kananzir da burushi da filayar kilif duk na bar su a rumfa, don babu ƙaryar da zan yi ta rufe su. Na san kuskure ne tun ina tayar da babur, amma na ce ai boris ɗaya ne, ba sai an yi masa biki ba.

Fula ita ce abin zare boris. Ƙafafu uku gare ta, kowace da ɗan ƙugiya a baki, sai doguwar ƙusa mai zare a tsakiya. Ka saƙala ƙugiyoyin a bayan boris, tsinin ƙusar ya tokari kan shaf, ka riƙa juya ta da sifana. Ƙusa na tura shaf, ƙafafu na jan boris, a hankali ya zamo ya fito, ba duka ba hayaniya. Tawa na gada daga ubangidana, kuma ko ƙanena ba na ara wa.

Da hantsi na isa. Buhunan shinkafa jibge a bakin rumfa, wasu matan ma sun fara kwashe nasu suna kaiwa wani injin. Surukina na zaune a kan turmi, ya rame, idonsa a kan rotar da aka ɗora bisa itace biyu. Kusa da shi ga amininsa, wani tsohon Babarbare mai sayar da bandar kifi, gajere mai tumbi, wanda kullum yake zuwa nan ya yini ba don komai ba sai don ya zage shi. Ka san Fulani da Barebari abokan wasa ne, abin da ɗaya zai faɗa wa ɗaya ko sarki bai isa ya hana ba. Shekara talatin suna haka, kowa na cewa ɗayan bawansa ne.

Na tuɓe takalmi na durƙusa. Surukina ya gaisa da darbejiya, darbejiya ta ji cewa yara suna lafiya.

Babarbaren ya washe baki ya ce, "Lale, lale da mai gyara! Ɗan Fillo, ga wanda ya fi ka hankali ya zo."

Na ce, "Baba, wucewa nake, zan je wajen garin Guri duba wani famfo, na ce bari in gaida su Baffa."

Ya ce, "Guri ta nan ake bi yanzu? To madalla, an matso da ita." Ya nuna rotar da haɓa. "Tunda wucewa kake, wuce ta nan ka ga abin da wannan makiyayin ya yi wa dukiyarsa."

Na matsa a tsugune. Wallahi da a rumfata aka kawo mini wannan aikin, da mai shi ya ji abin da bai taɓa ji ba tun haihuwarsa. Kan shaf ɗin ya baje saboda duka, ya yi leɓe ta kowane gefe, ɗan ramin tsakiyarsa da tsinin fula ke zama ya kusa shafewa. Fuskar boris kuwa ba a ganinta sam. Tsohon man giris da taɓon kogi sun haɗu, wutar maƙeri ta gasa su, sun zama baƙin ɓawo mai tauri kamar ƙanzon tukunya. Na haɗiye zagi uku a jere, na ce, "Ai da sauƙi."

Surukina ya ce wa darbejiya, "Kada a wahalar da baƙo, yana da tafiya."

Na ce wa ƙasa, "Ba wahala, akwai wani ɗan ƙarfe ma da na manta a bayan babur."

Abin da ya kamata in yi na sani sarai, na koya wa mutane da yawa: kafin fula ta taɓa boris, a wanke, a kankare, a duba da ido. Wasu motocin suna da kilif, ɗan siririn zoben ƙarfe da ke zama cikin wata 'yar kwari da aka zagaye shaf da ita, ya tare boris kada ya zame. Muddin yana nan, boris ba zai fito ba ko da giwa ce ke ja. Amma ba kananzir, kuma in buɗe baki in ce a kawo mini kaza a gidan suruki, ai na zama mai ba da umarni. Ga idon tsohon a ƙeyata, ko da yake wai bishiya yake kallo. Na ɗan ƙwanƙwasa ɓawon da sukundireba, ya ƙi, na ce wa raina irin wannan tsohon moton ba ya zuwa da kilif. Ƙarya na yi wa kaina don in gama in gudu.

Maƙerin ya manta magagarinsa a nan, da shi na goge leɓen da ya yi wa kan shaf har ya koma daidai, don kada boris ya zo fita ya maƙale. Na sami wani tsohon noti na ɗora a kan shaf ɗin, tsinin ƙusar fula ya zauna a raminsa. Na zura ƙugiyoyin uku ta baya har suka kama zoben ciki, wanda shi ne ya riƙe shaf. Idan ka kama na waje, ƙwallayen kake ja, yana iya tarwatsewa ya bar maka na ciki a maƙale. Na daidaita ƙafafun, na duba ƙusar ta miƙe sak da shaf, na fara juyawa. Ta ɗaure. Na ƙara. Ta ƙara ɗaurewa, boris ko gezau. Gumi ya fara ɗiga daga hancina.

Babarbaren ya ce, "Kai ɗan Fillo, ba ka da kunya? Surukinka na zuba gumi a ƙofar gidanka kana zaune kamar amarya. Ko da yake me za ka iya, kai da ƙwaryar nono ma sai an ɗora maka."

Surukina ya miƙe tsam. Ya ce wa darbejiya, "Baƙo ba ya gumi a gidana ina kallo." Ya miƙo hannu wajen sifana. Na sake ta da sauri kamar ta yi zafi, don kada yatsunmu su haɗu. Na koma gefe na rungume rotar da gwiwa da hannu don kada ta juya, fuskata ta zo dab da boris.

Kada siririn Bafulatani ya ruɗe ka. Mutumin da ya shekara arba'in yana kayar da bijimi, hannunsa igiya ce. Ya ja sifana, fula ta yi ƙara. Ya sake ja. A sana'armu, idan fula ta ɗaure haka kuma ba abin da ya motsa, tsayawa ake a duba, don ƙarfe ba ya gardama a banza. Na san haka. Amma yaya zan ce wa wannan mutumin ya tsaya? Na karkata wajen Babarbaren na yi masa raɗa.

"Baba, don Allah ku ce wa Baffa ya ɗan sassauta."

Ya ɗaga murya har matan da ke bakin rumfa suka ji. "Ka ji ko? Surukinka ya ce ka gaji, ka ba maza wuri!"

Innalillahi. Surukina ya saki sifana. Ya waiga, ya ɗauko wani bututun ƙarfe mai tsawon kamu biyu da ake tokare ƙofa da shi, ya zura a hannun sifana. Duk mai gyara ya san abin da wannan ke nufi: ƙarfinsa ya ninku sau nawa. Ya danna. Fula ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Sai baƙin ɓawon nan ya tsage, wani ɓangare ya faɗo a kan gwiwata, na ga wasu 'yan kunnuwa biyu masu huda suna ƙyalli a gaban boris.

Kilif. Yana nan zaune a kwarinsa, ya fara lanƙwasa saboda matsi.

Idan aka ci gaba, ko dai kilif ɗin ya yage bakin kwarin ya tafi da shi, ko ya karye, boris ya hau kan guntayen ya ja su, su karce shaf tun daga nan har baki. Shaf ɗin da aka yi wa haka sabon boris ba zai zauna masa daidai ba, kuma irin wannan tsohon moton ba a samun rotarsa ko a Kano. Shanun gidansu ne gaba ɗaya a ƙarƙashin bututun nan, shi da kansa yake dannawa, kuma ni na jawo da ragwancina.

Na sake yi wa Babarbaren raɗa. "Baba, ba wasa ba ne, akwai ƙarfen da ya tare, shaf zai lalace. Ku ce ya dakata."

Tsohon banza ya tafa hannu yana dariya har tumbinsa na rawa. "Ya ce ƙarfen ya fi ƙarfinka! Ni dama na faɗa, hannun da ya saba da tatsa ina shi ina aikin maza!"

Surukina ya gyara tsayuwa. Ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafi, ya taka itacen da ƙafa ɗaya, ya kama ƙarshen bututun da hannu biyu zai rataya nauyinsa duka a kai. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na cafke wuyan hannunsa, na daka masa tsawar da nake daka wa direbobi.

"Kai! Tsaya! Sake shi na ce! Kashe injin za ka yi?"

Bututun ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. Bayan wannan ba ka jin komai sai kukan kurciya. Matan bakin rumfa suka rufe baki da mayafi. A bayan zana na ji ƙwarya ta suɓuce daga hannun wata, na san surukata ce. Babarbaren, wanda tun da na san shi bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya tsaya da shi a buɗe. Ni kuwa ga ni tsaye ƙiƙam, ba takalmi, ina riƙe da hannun mahaifin matata kamar na kama ɓarawo a kasuwa, kuma a karon farko cikin shekara goma sha ɗaya muna kallon juna ido cikin ido. Ashe idonsa ɗaya ya fara yin yana. Ban taɓa sani ba.

Na saki hannun. Kunya ta rufe ni. Na ce a raina shi ke nan, yau zan koma gida in tarar an aiko a tafi da matata. Amma tunda na riga na mutu, gara in gama aikin da ya kashe ni. Na ce, ba tare da na san wa nake gaya wa ba, "A kawo kananzir. Da tsumma. Da ƙusa biyu ƙanana."

Ba wanda ya motsa. Sai surukina ya juya ya shige gida. Na ɗauka ya tafi ke nan. Jim kaɗan sai ga shi da fitilar ƙwai a hannu, ya kwance murfinta, ya tsiyaye kananzir ɗin a gwangwani, ya ajiye a gabana. Ya zaro ƙusa biyu daga jikin ƙyauren rumfa ya ajiye kusa da shi. Bai koma kan turminsa ba, ya tsuguna a gefe.

Na sassauta ƙusar fula na cire ta. Na jiƙa ɓawon, na bi shi da sukundireba ina kankarewa a hankali har fuskar boris ta fito. Na nuna da yatsa, ban ɗaga kai ba. "Ga shi nan. Wannan ne ya hana. Laifina ne, ni ya kamata in wanke in duba tun farko."

Babarbaren ya leƙo, ya samo muryarsa da ƙyar. "Wannan ɗan abin? Ko awarwaron jariri ya fi shi."

Na ce, "Baba, ku yi mana shiru." Tunda na fara rashin kunya, na ga gara in raba wa kowa nasa.

Kilif ɗin ya lotsa ya yi kamar murfin kwalba, kuma boris ya danne shi. Na ɗora guntun katako a zoben ciki na ɗan buga baya kaɗan don ya sake shi. Na sa ƙusoshin a hudojin kunnuwansa, na buɗa, na rufe da tsumma don kada ya yi tsalle ya shiga idon wani, na zare shi. Bakin kwarin ya ɗan tashi, ya yi kaifi ta gefe ɗaya, amma bai yage ba. Na bi shi da magagari sau uku huɗu, a hankali, har ya kwanta. Na ɗiga kananzir tsakanin boris da shaf, na shafa wa zaren ƙusar fula ɗan mai daga babur ɗina. Na mayar da ƙugiyoyin bayan zoben ciki, na daidaita su, na duba ƙusar ta miƙe. Babarbaren na sa ya zauna ya danne rotar, a ranar dai tumbin ya yi amfani.

Ba bututu. Sifana kawai, da hannu ɗaya. Na juya rabi, ta ɗaure. Na dakata, na ƙara kwata. Sai ƙas! Surukina ya zabura, ya ɗauka abin ya karye. Ni kuwa wannan ƙarar ta fi mini kiɗan kalangu daɗi, don ita ce alamar tsatsa ta saki. Daga nan sifana ta yi laushi. Ina juyawa boris na tahowa, kaɗan kaɗan, yana barin farin ƙarfe a bayansa, ya wuce kwarin, ya wuce inda maƙeri ya yi ɓarna, ya faɗo a kan buhu. Na ɗaga shi na girgiza, yashin kogi ya zubo daga cikinsa.

Ba boris ɗin ne damuwata ba, wannan mushe ne, gobe a sayo sabo a ɗumama a mai a zura. Shaf nake ji. Na goge shi da tsumma na juya shi wajen haske. Akwai jan tabon tsatsa, wanda ɗan goge zai ɗauke, amma ba karce ko ɗaya. Na sa farce a kwarin na zagaye shi. Gefensa a tsaye yake, sabon kilif zai zauna daram.

Na ce wa ƙasa, "Shaf lafiya lau. Gobe war haka yana casa, in Allah ya so."

Surukina ya matso a tsugune. Ya ɗora babban yatsa a wurin da boris ya tashi, ya shafa, ya sake shafawa, ya zagaye shi har sau uku. Na fara harhaɗa kalmomin ban haƙuri a raina, ina neman ta inda zan soma, ko ta wajen Babarbaren zan bi, duk da na ga irin tafintan da yake. Kafin in buɗe baki sai tsohon ya yi magana, kuma ni yake yi wa.

"Da ka yi shiru fa?"

Na ce, "Da moton ya tafi, Baffa."

"Duka?"

"Duka."

Ya jima yana kallon ƙarfen. Babarbaren ya kawar da kai yana gyara hula, wai ƙura ta shiga masa ido.

Surukina ya ce, "Tsawar nan, ko ubana bai taɓa yi mini irinta ba." Ya goge fuska da bakin riga. "Amma da ka yi shiru don kunyata, wallahi har in mutu ba zan yafe maka ba."

Na ce, "To, Baffa." Na sunkuya ina kwance ƙafafun fula ɗaya bayan ɗaya don hannuna ya sami abin yi, ni ma idona ya cika ba na ganin noti sosai.